Ma'ajiyar da Rubutu Ke Cinyewa: Yadda Na'urori Ke Tuna Saitinsu

Ka kashe talabijin da daddare, ka zare waya daga bango, da safe ka kunna, sai ta buɗe a tashar da ka bari, da ƙarar da ka bari. Haka na'urar sanyaya ɗaki ke komawa kan sanyin da aka zaɓa mata bayan an dawo da wuta, haka injin wanki da inbata da rediyon mota na zamani. Babu wanda ke tsayawa ya tambayi inda suka ajiye wannan bayani alhali babu ko ɗigon lantarki a jikinsu. A mafi yawansu amsar ita ce wata 'yar ƙaramar ma'ajiya mai suna EEPROM, wadda ake rubuta mata da lantarki, a goge da lantarki, kuma ba ta manta abin da aka ba ta don an ɗauke wuta. Masu gyaran talabijin sun san ta sarai: ita ce ayisin nan mai ƙafa takwas da ake ganin lamba irin 24C02 ko 24C16 a bayanta. A wasu na'urorin kuma tana can cikin ƙwaƙwalwar na'urar, ba a ganinta.

Sai dai tana da wani hali da ba kowa ya sani ba. Karanta ta ba ya rage ta da komai, ko sau nawa ne. Rubutu kuwa yana cin ta, kuma adadin rubutun da za ta iya ɗauka ƙirgagge ne.

Domin a ga abin da idon basira, bari mu ɗauki na'ura guda mu bi ta daki-daki: injin ƙyanƙyasar ƙwai irin wanda matasa masu fasaha ke haɗawa da kansu a kan allon Arduino Uno. Ƙwaƙwalwar wannan allo ita ce ATmega328P, kuma tana da ma'ajiya iri uku. Akwai filash, inda umarnin da aka tsara yake zaune. Akwai RAM, inda ake lissafin yanzu-yanzu, wadda da an ɗauke wuta take wayar gari fayau. Sai EEPROM mai gurbi 1,024, daga adireshi na 0 zuwa na 1023, kowane gurbi yana ɗaukar bayit ɗaya, wato lamba daga 0 zuwa 255. Ba ta da yawa, amma saitin injin ƙwai bai fi cikin cokali ba: zafin da ake so, wanda yawanci digiri 37.5 ne ga ƙwan kaza, da tazarar awannin da ke tsakanin juyin ƙwai, da kwana nawa aka yi cikin kwana 21 da ƙwan kaza ke ɗauka. A inda wuta ke zuwa ta tafi sau da yawa a yini, injin da ba ya tuna waɗannan abubuwa uku bai yi ba.

Takardar bayanan da kamfanin ya fitar ta ce kowane gurbi na wannan EEPROM zai jure gogewa da rubutu sau 100,000. Filash ɗin da ke kusa da ita sau 10,000 kawai aka lamunce mata. Ayisi na waje irin 24LC256 kuma ana ba ta sau miliyan ɗaya.

Dalilin iyakar yana cikin yadda ake ajiye bayanin. A kowane ɗigon bayani akwai wani ɗan taransisto mai wani sashe da aka kewaye da siririn bango wanda ba ya wuce da lantarki. Dabarar ta samo asali ne daga aikin Dawon Kahng da Simon Sze a ɗakunan binciken Bell a 1967. Idan za a yi rubutu, ayisin na haɗa wa kanta ƙarfin lantarki da ya ninka wanda ake ba ta, ta tura ilektaron su keta wannan bango da ƙarfin tsiya su shiga ciki. Da sun shiga ba su da hanyar fita, shi ya sa bayanin ke zama ko babu wuta. Idan za a goge, a sake janyo su ta cikin bangon nan dai. To kowace ketawa tana barin ɗan tabo: wasu ilektaron na maƙalewa a jikin bangon, bangon na raunana. Kamar takarda ce da ake rubutu da fensir ana gogewa a wuri ɗaya. Dubanta sau dubu ba ya yi mata komai, amma gogar yau da gobe sai ta huda ta. A ƙarshe gurbin ya kasa bambanta sifiri da ɗaya, ko ya karɓi bayanin ya kasa riƙe shi.

Sau dubu ɗari kamar ba za ta ƙare ba. Idan mutum ne ke sauya saiti da hannunsa sau goma a rana, kullum ba fashi, sai ya yi shekara 27 kafin ya kai iyaka. Matsalar ita ce na'ura ba mutum ba ce. Umarnin Arduino yana da wani sashe mai suna `loop()` da ke maimaita kansa ba tsayawa muddin akwai wuta. Sabon mai koyo da ke son tabbatar da cewa saitinsa bai ɓace ba yakan rubuta abu kamar haka:

```
void loop() {
  EEPROM.write(0, tazara);
  // sauran aikin injin
}
```

Niyyar mai kyau ce, aikin kuwa ɓarna ne. Umarnin `EEPROM.write()` ba ya duba abin da ke cikin gurbin. Ko da 3 ce a ciki kuma 3 aka ba shi, zai goge ya sake rubuta 3, kuma wannan ya shiga lissafi. Kowane rubutu na ɗaukar kamar kashi 3.3 cikin dubu na sakan. Idan babu abin da ke jinkirta zagayen, ninka wannan sau 100,000 ka sami sakan 330. Minti biyar da rabi ke nan, an cinye duk abin da kamfani ya lamunce wa gurbin. A ce ma zagayen na jiran ma'aunin zafi, yana tafiya sau ɗaya a sakan: awa 28 bai cika ba an kai iyaka. Ƙwan bai ko kwana biyu a ciki ba.

Abin da ya sa wannan kuskure ke wuce mutane shi ne ba ya nuna kansa a ranar. Lambar 100,000 mafi ƙarancin abin da aka yi alkawari ne, gurbin ba ya mutuwa a rubutu na 100,001. Masu gwaji sun sha rubuta wa gurbi ɗaya har fiye da sau miliyan kafin su ga kuskuren farko. Amma kada wannan ya ruɗi kowa. Irin wannan gwaji rubutu ake yi a karanta nan take, ba ya nuna ko gurbin da ya gaji zai riƙe bayanin wata shida, kuma a ɗaki mai sanyi ake yin sa. Zafi na gaggauta yoyon ilektaron: takardar ATmega328P ta ba da shekara 100 na riƙe bayani a digiri 25, amma shekara 20 a digiri 85. Don haka injin zai yi aiki lafiya a shago, a sayar, ya yi makonni a gidan mai kiwo, sannan ya fara mantuwa.

Magani na farko mai sauƙi ne har abin ya ba da mamaki. Tun da karatu kyauta ne, a karanta kafin a rubuta:

```
if (EEPROM.read(0) != tazara) {
  EEPROM.write(0, tazara);
}
```

Idan abin da ke ciki daidai yake da abin da ake son ajiyewa, a wuce. Wannan shi ne ainihin aikin `EEPROM.update(0, tazara)`, wanda aka tanada don kada kowa ya riƙa rubuta sharaɗin da kansa. Ga lambar da ta fi bayit ɗaya kuma akwai `EEPROM.put()`, wanda a kan Uno yake bin bayit ɗin ɗaya bayan ɗaya da wannan dabara, ya taɓa wanda ya sauya kaɗai. Zafin injinmu misali ne mai kyau. Maimakon a ajiye 37.5 da ɗigonta, sai a ajiye 375 a gurbi biyu: ɗaya na riƙe da 1, wato 256 guda ɗaya, ɗayan na riƙe da ragowar 119. Idan mai injin ya ɗaga zafin zuwa 37.8, lambar ta zama 378, gurbin farko na nan da 1 ɗinsa, na biyun ne kawai zai koma 122. Rubutu ɗaya, a gurbi ɗaya. Da wannan gyara na kalma guda, saitin tazara da ake yi wa rubutu sau 86,400 a rana ya koma ana taɓa shi ranar da mai injin ya sauya shi kaɗai.

Da yawa nan suke tsayawa, suna ganin an gama. Ba a gama ba, don `update()` na kare gurbi ne daga maimaita lamba iri ɗaya, ba ya sanin ko sauyin da ya gani na gaske ne.

Ɗauki injin da ake saita zafinsa da abin murɗawa. Allon na karanta matsayinsa a matsayin lamba daga 0 zuwa 1023, kuma wannan lamba ba ta tsayawa cak ko ba wanda ya taɓa. Za ka ga 511, sai 512, sai 511 kuma, saboda 'yar rawar da lantarki ke yi, musamman lokacin da hita ko injin juyin ƙwai ya kama. A wurin `update()` kowace rawa sabon saiti ce, sai ya rubuta. An koma gidan jiya ke nan, kuma mai tsarawa na can hankalinsa kwance. A nan dole a sa sharaɗin cewa ba a ɗaukar sauyi a bakin komai sai ya wuce wani gwargwado, a ce maki huɗu ko biyar.

Ko da maɓalli ake saitawa, akwai ɓarnar da za a iya kaucewa. Wanda zai tashi daga 37.0 zuwa 38.0 zai danna sau goma, kuma tara daga cikin lambobin da ya bi ta kansu ba su yake nufi ba, hanya ce kawai. Abin da ya dace shi ne saitin ya zauna a RAM yana sauyawa yadda aka ga dama, a jira sai hannu ya bar maɓalli na ɗan lokaci, sannan a ajiye:

```
if (anTaba && millis() - lokacinTabi > 5000) {
  EEPROM.put(2, zafi);
  anTaba = false;
}
```

Sakan biyar bayan dannawar ƙarshe, rubutu ɗaya. Na'urori da yawa na kasuwa haka suke yi, shi ya sa wani lokaci idan ka rage ƙara ka zare waya nan take, sai ka tarar ta dawo da tsohuwar ƙarar. Ba lalacewa ta yi ba, ba ka ba ta lokacin ajiyewa ba ne.

Inda aka fi shan wuya shi ne ƙidayar lokaci, don ita kullum cikin sauyawa take, kuma sauyin na gaske ne. Injin na bukatar sanin kwana nawa aka yi, domin a kwana na 18 ake daina juya ƙwan kaza. A ce mai tsarawa ya zaɓi ajiye ƙidayar mintoci, kowane minti rubutu ɗaya. Kwana 21 minti 30,240 ne. Raba 100,000 da wannan, ka ga ƙyanƙyasa uku da 'yan kai. A zubi na huɗu gurbin ya wuce iyakarsa, kuma `update()` ba shi da abin da zai iya yi. Idan aka koma ajiyewa sau ɗaya a awa, rubutu 504 ne a zubi guda, gurbin zai kai zubi 198. Wannan ya wadatar, sai dai ya zo da tasa matsalar: mintocin da ba su cika awa ba suna RAM, duk ɗaukewar wuta tana tafiya da su. A unguwar da wuta ke yin minti arba'in ta tafi, agogon injin na iya yini bai matsa ba. Kuma ko yaya aka yi, lokacin da injin ya yi a kashe ba ya shiga ƙidaya.

Hanya ɗaya ita ce raba nauyin. Iyakar ta kowane gurbi ce, kuma akwai gurabe sama da dubu da ke zaune ba aikin komai. Sai a ware wuraren ajiya ɗari, a riƙa zagaya su: wannan minti a na farko, na gaba a na biyu, in an kai ƙarshe a dawo farko. Kowane wuri zai ɗauki kashi ɗaya cikin ɗari na rubutun, zubi uku su zama sama da ɗari uku. Kuɗin da za a biya shi ne kowace ajiya sai ta tafi da lambar jeri, don in wuta ta dawo injin ya gane wacce ce ta ƙarshe. A ayisi na waje kuma a lura, rubutu shafi-shafi ake yi, shafin 24LC256 bayit 64 ne, don haka rabon ya fi kyau ya bi shafuka.

A ganina, ga injin ƙwai, wannan wahala ce da ba dole ba. A sa ɗan agogo mai batirinsa irin DS3231, a rubuta ranar da aka zuba ƙwai da lokacin sau ɗaya tak, duk sanda ake son sanin kwana nawa aka yi a ɗebe wancan daga lokacin yanzu. Rubutu 30,240 ya koma ɗaya, kuma agogon na ci gaba da tafiya ko babu wuta. Tambayar da ta kamata mai tsarawa ya fara yi wa kansa ita ce ko akwai abin da za a ajiye sau ɗaya wanda sauran duk za a iya lissafo su daga gare shi.

Akwai wata hanyar da bayani ke lalacewa wadda ba ta da alaƙa da tsufan gurbi, kuma ana yawan rikita su. Wuta na iya tafiya ana tsakiyar rubutu. A ce ƙidayar awa ake ajiyewa a gurbi biyu, an kai awa 255, wato cikin kwana na goma sha ɗaya. Gurbin ƙasa na da 255, na sama na da 0. Awa ta 256 na bukatar duka biyun su sauya: na ƙasa ya koma 0, na sama ya zama 1. Na ƙasa ake fara rubutawa. Idan wuta ta ɗauke kafin a kai ga na biyu, abin da ya rage shi ne 0 da 0, injin ya tashi yana ganin yau aka zuba ƙwai. Tazarar ba ta kai ƙiftawar ido ba, amma yawan rubutu da yawan ɗaukewar wuta na ƙara yiwuwar a faɗa cikinta, wanda shi ma dalili ne na rage rubutu. Ana kare wannan da ajiye kwafi biyu, kowanne da lambar tantancewa da aka lissafo daga abin da ke cikinsa. Wanda lissafinsa bai fita ba a watsar, a ɗauki ɗayan. Haka nan lantarkin da ke raguwa a hankali ya fi wanda ya yanke farat ɗaya haɗari, don ƙwaƙwalwar na iya ruɗewa ta yi rubutun banza. ATmega328P na da mai gadi a ciki da ke tsayar da ita idan lantarki ya faɗi ƙasa da wani mataki. Uno na zuwa da shi a kan bolt 2.7, ana kuma iya ɗaga shi zuwa 4.3, wanda ya fi dacewa da allon da ke aiki da bolt 5.

Sai sabuwar ayisi da ba a taɓa rubuta mata komai ba. Kowane gurbinta 255 ne, gurbi biyu a haɗe 65,535. Injin da ya karanta wannan ya gaskata zai ɗauka ana son zafin digiri 6,553.5, ya kunna hita ya ƙi kashewa. Duk lambar da aka ɗauko daga EEPROM a duba ta tukuna: in zafin bai faɗa tsakanin 350 da 400 ba, a yi watsi da shi a koma 375. Wannan layi biyu ne kawai, kuma shi ne zai ceci ƙwan ranar da gurbi ya gaji.

Masu amfani da ESP32 ko ESP8266 su kula, waɗannan ba su da EEPROM ta gaske. Wani yanki na filash ake ara a kwaikwayi aikinta, rubutun ba ya sauka sai an kira `EEPROM.commit()`, kuma filash ba ta goge bayit ɗaya, yanki guda take gogewa gaba ɗaya. A can `commit()` ne abin ƙirgawa. Manyan kamfanoni ma sun taɓa faɗawa wannan rami: a farkon 2021 Tesla ta janye motoci kusan 135,000 don gyara, saboda ma'ajiyar filash da ke bayan allon motar ta gaji da rubutu har allon na mutuwa.

Mai gyara zai iya gane gurbin da ya gaji daga alamunsa. Saiti ɗaya ne ke ɓacewa ko ya dawo da lambar da ba ta da ma'ana bayan an kashe an kunna, sauran kuwa suna nan lafiya, kuma kusan kullum wanda aka fi yi wa rubutu ne. Muddin akwai wuta komai daidai yake, don na'urar da kwafin RAM take aiki. Gwajin shi ne a rubuta 85 a gurbin a karanta, a rubuta 170 a karanta. Lambobin nan biyu kishiyoyin juna ne a kowane ɗigo, don haka ɗigon da ya maƙale sai ya fito fili. A sake karantawa bayan an bar na'urar a kashe ta kwana. Idan gurbin ya ci gwajin amma saiti na lalacewa jefi-jefi, kuma daidai lokacin ɗaukewar wuta, to a nemi laifin a wajen lantarki.

Gurbin da ya mutu ba ya warkewa. A Uno ana matsar da saitin zuwa wani adireshi da ba a taɓa amfani da shi ba, bayan an gyara umarnin da ya kashe na farkon, in ba haka ba sabon ma zai bi sahu. Ayisi mai ƙafa takwas kuma ana cire ta a sa wata, amma a kwafe abin da ke cikinta kafin a jefar, don a talabijin da inbata da yawa har da saitin masana'anta a ciki, kuma sabuwa fayau ba lallai ta tayar da na'urar ba.